Ba Asibiti Ke Yanke Hannu Ba

 

Akwai wata magana da muka taso muka tarar a gidajenmu, muna jin ta a bakin iyaye da kakanni har ta zauna mana kamar karatun allo: "Kada ku kai shi asibiti, yanke masa za su yi." Da zarar yaro ya faɗo daga bishiya ko ɗan acaɓa ya zube a kwalta, kafin a ɗebo ruwan wanke masa ciwo wani ya riga ya furta ta. Yau da wannan maganar za mu yi faɗa. Mun san cikinmu akwai jikokin masu ɗori, akwai kuma waɗanda ɗorin gida ya tashe su suka taka da ƙafarsu. Muna roƙon su karanta har ƙarshe kafin su ɗau zafi, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Matsayarmu a taƙaice ita ce: duk gaɓar da ake zaton ta karye, a fara kai ta inda za a yi mata hoto a kuma duba ko jini na zagayawa a cikinta, kafin kowa ya ja ta ko ya ɗaure ta. Idan kuma gwiwar hannun yaro ce, to babu ma zancen shawara. Ga dalili.

A unguwarmu akwai wani yaro ɗan shekara 7. Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya faɗo daga kan katanga, ya dafa ƙasa da tafin hannun dama, hannun a miƙe. Nan take saman gwiwar hannun ya kumbura, ya kasa lanƙwasa shi. Mahaifinsa ya ce a tari a-daidaita-sahu a tafi asibiti. Kakar yaron ta ce, "Kai dai ba ka jin magana. Ƙafarka wa ya ɗora maka da ka karye kana ƙarami? Ka kai min jika a mayar da shi mai dungu?" Uban ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki Hajiya, a kira Baba mai ɗori."

Kafin magariba an gama. Mutum biyu suka riƙe yaron, mai ɗori ya ja hannun, ya shafa man kaɗe, ya jera karare ya zagaye hannun da su tun daga dantse har kusa da wuyan hannu, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Ya ce kada a kwance sai ya dawo.

Daren nan babu wanda ya runtsa a gidan. An ba yaron farasitamol, kukan bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi. Da asuba uwar ta ga yatsun sun kumbura sun yi sulɓi, ta kama ɗaya za ta miƙar da shi, yaron ya ƙwalla ƙarar da maƙwabta suka ji. Ranar Juma'a aka aika wa mai ɗori, ya ce ƙashi ne ke kamawa, a yi haƙuri. Ranar Asabar kukan ya lafa, yaron ya yi barci, gida ya ɗauka da hamdala. Lahadi sai ga bororo ya feso a bayan hannun, yatsun sun yi sanyi, ko an mintsine su ba ya ji. Sai Litinin da safe aka isa asibiti, bayan fiye da awa 80 da ɗaurin.

Likitoci sun yi abin da za su iya. Sun cire naman da ya mutu, sun tsayar da ƙashin, hannun bai kai ga yankewa ba. Amma yau in kun ga yaron, sangalin hannunsa ya tsotse, wuyan hannun ya lanƙwashe, yatsun sun ƙandare ciki kamar ƙafar shaho. Da hagu yake koyon rubutu yanzu. Kuma har gobe a unguwar akwai masu cewa, "Ai da aka kai shi asibiti ne suka lalata hannun."

To bari mu bi abin da ya faru a cikin hannun nan daki-daki, don mu ga wa ya lalata shi.

Ƙashin da ya taso daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, in ya kusa gwiwar sai ya yi faɗi ya yi siriri kamar bakin cokali. A jikin yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 7, nan ne wuri mafi rauni, shi ya sa in yaro ya faɗi ya dafa ƙasa da hannu a miƙe nan ne ya fi karyewa. Masifar wurin ita ce maƙwabtansa. Babbar jijiyar da ke kai jini ga sangalin hannu da yatsu ta gaban wannan ƙashi take bi, tare da jijiyoyin da ke sa yatsu su ji taɓi su kuma motsa. Idan ƙashin ya karye ya goce, bakinsa mai kaifi na iya danne jijiyar jinin ko ya tsarge ta. Wanda ya kama hannun ya ja ba tare da ya ga yadda ƙashin ya kwanta ba, yana iya dawo da shi daidai, yana kuma iya cusa jijiyar tsakanin ɓarin ƙashi biyu. Shi kansa bai san wanne ya yi ba, don yatsa ba ya gani ta cikin kumburi.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu, wanda ya fi cin hannayen yaranmu, shi ne ɗaurin kansa. Tsokar sangalin hannu tana zaune ne a cikin wani tantani mai tauri wanda ba ya buɗewa, kamar an zuba nama a jakar fata an ɗinke. Bayan karaya nama kan ci gaba da kumbura har kwana biyu zuwa uku. Wato hannun da aka ɗaure da magariba daidai wa daida, kafin tsakar dare ya fi ƙarfin ɗaurinsa. Kara ba ya miƙewa, tsumman da aka tamke ba ya saki. Kumburin ya rasa hanyar fita waje, sai ya koma ciki ya matse ƙananan hanyoyin jini. Jini ya kasa fita, kumburi ya ƙaru, matsi ya ƙaru, haka abin zai yi ta cin kansa. Tsokar da jini ya yanke mata kuwa ba ta da dogon haƙuri. Cikin kamar awa 6 zuwa 8 ta fara mutuwar da ba ta dawowa. Tsokar da ta mutu takan zama tabo, tabo kuma tsukewa yake yi, shi ne yake janyo yatsu su ƙandare. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana wannan nakasa tun 1881, kuma matsattsen ɗauri ya ɗora wa laifin. Har yau da sunansa likitoci ke kiran ta. Idan matsin ya fi haka tsanani har jini ya tsaya cak, hannun gaba ɗaya ke ruɓewa ya yi baƙi, a nan ne yankewa ke zama dole don a ceci rai, saboda ruɓar na shiga jini ta kashe mutum.

Yanzu ku koma kan labarin yaron nan, za ku ga jikinsa ya yi ta magana ba a saurare shi ba. Kukan daren Alhamis da ya ƙi jin magani shi ne gargaɗi na farko. Karayar da aka tsayar da kyau zafinta raguwa yake yi, duk zafin da ke hauhawa bayan ɗauri alamar matsi ce. Ƙarar da ya yi da uwar ta miƙar masa da yatsa ita ce gargaɗi na biyu, kuma ita ce alamar da likitoci suka fi dogara da ita, domin miƙar da yatsa na jan tsokar da ke shaƙe. A daren nan da an kwance ɗaurin an garzaya, da akwai kyakkyawan fata. Shirun ranar Asabar da aka yi wa hamdala shi ne mafi muni a cikin duka. Jijiyar da ke kai saƙon zafi ce ta mutu, shi ya sa yaron ya samu barci. Bororo da sanyin yatsu na ranar Lahadi kuwa shelar abin da ya riga ya faru ne.

Saboda haka in an ce asibiti na yanke hannu, mu tambaya: a wane hali hannun ya isa can? Wanda aka kai ranar da ya karye, da wuya ƙwarai a yanke shi, sai fa in mota ko inji ya ragargaza shi. Wanda ake yankewa shi ne wanda ya kwana huɗu ko mako a cikin kara, ya iso yana wari. Mu ke riƙe mara lafiya a gida har sai abu ya lalace, sannan mu kai shi, a yanke, mu dawo unguwa mu ce kun gani ko. Wanda ya ji sai ya ƙara tsorata, shi ma in nasa ya karye ya riƙe shi a gida. Haka maganar take ciyar da kanta shekara da shekaru. Likitocin ƙashi a Nijeriya sun daɗe suna rubutu kan wannan ruɓewa da matsattsen ɗorin gida ke jawowa, kuma yara ne abin ya fi ci.

Da an kai yaron nan ranar Alhamis, me za a yi masa? Kafin hoto ma, za a taɓa wuyan hannunsa a ji bugun jini, a danna farcensa a ga ko jan na dawowa, a ce ya haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ya ɗaga babban yatsa, ya ware yatsunsa. Kowane motsi cikin waɗannan na shaida lafiyar wata jijiya. Sannan a yi hoto ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, don ƙashin da ya yi kyau ta gaba yana iya zama a goce in an kalle shi ta gefe. Idan tsagewa ce ƙashi bai matsa ba, za a sa masa filasta ta bayan hannu kawai, rabi, a naɗe da bandeji, a bar gaban don kumburi ya sami wurin zuwa. Mako 3 zuwa 4 an cire. Idan ya goce sosai, za a yi masa allurar barci, a mayar da ƙashin, a soke siraran ƙarafa biyu ko uku masu kaurin wayar keke su riƙe shi, bayan mako 3 zuwa 4 a zare su. Idan kuma matsin nan ya riga ya fara, akwai tiyatar da ake tsaga tantanin a saki tsokar ta sha jini. Wannan tiyatar babu mai ɗorin da zai iya ta, komai gadonsa, kuma amfaninta na cikin awannin farko ne.

Mun san abin da za a ce mana, bari mu amsa tun kafin a faɗa.

Za a ce, "Ai mutum nawa mai ɗori ya ɗora suka warke?" Gaskiya ne, da yawa. Amma mu fahimci dalili. Ƙashi abu ne mai rai, Allah ya halicce shi yana haɗe kansa. Inda ya karye jini kan taru, ya zama danƙo, danƙon ya zama sabon ƙashi. Aikin mai ɗori da na likita duka shi ne su daidaita shi su hana shi motsi. Karayar ƙashin wuya, da tsagewar da ba ta goce ba, da irin ta yara wadda ƙashi ke tanƙwarewa kamar ɗanyen reshe, mafi yawansu za su haɗe ko wa ya ɗaure. Wasu ma da aka ce an ɗora targaɗe ne, ƙashin lafiyarsa ƙalau. Waɗannan su ne suka gina sunan ɗorin gida, kuma ba ma musun cewa a cikin masu ɗori akwai masu hannu da gogewa. Matsalar ita ce a daren da abin ya faru, mu da ke tsaye a tsakar gida ba mu da hanyar sanin ko tamu karayar cikin masu sauƙin take ko cikin masu cin hannu. Shi ma mai ɗorin ba shi da ita. Kakar yaron nan ta yi gaskiya da ta ce an ɗora wa ɗanta ƙafa ya warke. Kuskurenta shi ne ta ɗauka kowace karaya karaya ce.

Za a ce, "Asibiti tsada." Wannan ma gaskiya ne, kuma ba za mu raina talaucin kowa ba. Mai ɗori maƙwabci ne, yana zuwa har gida, yana karɓar abin da ya samu, wani lokaci ma sai an warke. A asibiti akwai kuɗin kati, kuɗin hoto, layi, wani zubin ga ma'aikacin da zai yi maka magana kamar kai ka karya yaron da gangan. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Duk wanda ke son mutane su daina gudun asibiti dole ya faɗi wannan. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Gidan yaron nan sun guje wa kuɗin hoto ɗaya da filasta, suka ƙare da tiyata fiye da ɗaya, makonni a gadon asibiti, zirga-zirgar gashin hannu, uban ya bar kasuwa yana jinya. Bayan duk wannan hannun bai dawo ba.

Za a ce, "Filastar asibiti ma tana matse hannu." Tana yi. Shi ya sa ake fara sa rabi, shi ya sa ake cewa a ɗaga hannun, a riƙa motsa yatsu, a dawo da gaggawa in zafi ya ƙaru. Bambancin shi ne can an san haɗarin, an tanadi almakashi da zarton tsaga filasta da ɗakin tiyata dominsa. A ɗorin gida kuwa ƙa'idar ita ce kada a kwance, zafi kuma ana fassara shi da cewa magani na aiki.

Za a ce, "Ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa." Faɗowa daga katanga ƙaddara ce, mun yarda. Kwana huɗun da aka yi ana kallon yatsu na kumbura kuwa shawara ce da manya suka yanke, kuma ana iya yanke wata.

Ban da gwiwar hannun yaro, akwai wasu halaye da bai kamata ko sallama a yi wa mai ɗori ba. Idan akwai rauni a kan karayar, ko da ɗan huji ne mai tsattsafar jini, to ƙashin ya haɗu da iska da datti. Yana buƙatar wanki a ɗakin tiyata, da allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin gaggawa, da rigakafin tetanas. Shafa masa mai ko garin magani a rufe shi ne ke haifar da ƙashin da ke zubar da mugunya shekara da shekaru. Haka tsoho ko tsohuwar da ta faɗi a banɗaki ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje: wannan yawanci wuyan ƙashin cinya ne a can cikin ƙugu, inda kara ba ya kaiwa, kuma doguwar kwanciya ita ke kashe tsofaffi. Haka duk wanda ya bugu a wuya ko gadon baya, wannan ko ɗaga shi ba a yi da garaje, balle ja.

Abin da za mu yi kafin a isa asibiti ba shi da wuya. A cire zobe, awarwaro da agogo tun kafin kumburi ya riƙe su. Kada a ja, kada a murza, kada a gasa da ruwan zafi. A bar gaɓar yadda aka same ta, a tallafe ta da kwali ko katako da aka shimfiɗa wa zane, a ɗaure sako-sako yadda yatsa zai iya shiga, a bar yatsun a waje ana ganinsu. Hannu a rataye shi da ɗankwali. In akwai rauni a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a ba shi abinci, don wataƙila a buƙaci allurar barci. Babban asibitin da ya fi kusa ya isa a fara da shi, su za su tura gaba in abin ya fi ƙarfinsu. Mu da ke Kano ma ba mu da uzuri, Asibitin Ƙashi na Dala na nan tun 1959, mutane na tasowa daga jihohi masu nisa suna zuwa, mu kuwa kuɗin mota ɗaya ne.

Ga waɗanda kuma suka riga suka yi ɗorin gida, ko aka fi ƙarfinsu a gida kamar yadda aka fi ƙarfin uban yaron nan, ga abin da za su riƙe. A daren farko da na biyu a duba yatsun duk bayan awa ɗaya ko biyu. A danna farce har ya yi fari a saki: in jan bai dawo cikin daƙiƙa 2 ba, akwai matsala. Amma kada dawowarsa ta ruɗe mu, don tsoka na iya shaƙewa farce na nan da jansa. A miƙar da yatsun a hankali: in yaro ya yi ƙara, akwai matsala. In zafi na ƙaruwa, ko yatsu sun fara dindiris, ko sun yi sanyi, ko sun canja launi, a kwance ɗaurin nan take har fata ta bayyana, a kama hanya a daren. Ba sai an jira gari ya waye ba, ba sai an nemi izinin mai ɗori ba. Kwancewar kaɗai ba ta wadatar, domin matsin na cikin tantani yana iya ci gaba.

Masu ɗori iyayenmu ne, kuma a ƙauyukan da babu likita su ne suka riƙe jama'a tun kafin a san hoto. Wanda ya san sana'arsa a cikinsu yakan kalli wata karayar ya ce wannan ba tawa ba ce, ku tafi asibiti, wasu ma yanzu sai sun ga hoto suke taɓawa. Irin waɗannan muna jinjina musu. Faɗanmu da wanda aka gaya wa yaro ya kwana yana ihu ya ce a ƙara haƙuri, da kuma mu kanmu da muke jin nauyin musa wa manya fiye da yadda muke tsoron nakasar ɗa. Uban yaron nan ya san daidai tun ranar Alhamis, kunya ce ta rufe masa baki. Ana iya cewa, "Hajiya, a bari a yi hoton tukuna, in ya so sai a san abin yi," ba tare da an yi rashin ladabi ba. Fushin kaka na kwana biyu ne, ta huce ta ci tuwo da jikanta.

Wanda ke da ja a kan abin da muka faɗa, fili a buɗe yake, sai dai muna roƙon ya zo da amsar tambaya ɗaya: a daren da yaro ya faɗo, ta yaya za a gane karayar da ɗori zai warkar da wadda ɗori zai kashe, ba tare da an yi hoto an duba jini ba?

Allah ya tsare mu da zuri'armu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.